An Cire Mini Kuɗi Sau Biyu a Kan Ciniki Ɗaya, Me Zan Rubuta wa Banki?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi magani na Naira 38,000 da katina, na'urar POS ta nuna bai yi ba, aka sake sa katin ya yi. Da na koma gida sai na ga an cire mini sau biyu. Yau kwana tara ke nan, banki sai cewa suke yi in ƙara haƙuri. An ce in rubuta takardar koke, amma ban san abin da zan rubuta ba, ban kuma san wanda zan kai wa ba. Don Allah a taimaka mini.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba mai jikin lafiya, ya kuma dawo miki da haƙƙinki. Wallahi da na karanta saƙonki sai da raina ya sake ɓaci, domin wannan kalma ta a ƙara haƙuri na sha ta har na gaji, kuma na san yadda take da ciwo idan kuɗin da aka riƙe wa mutum na magani ne ko na cefane. Ki daina jira haka kawai. Tun ranar 8 ga Yuni, 2020 umarnin Babban Bankin Najeriya ya fara aiki cewa a warware rikicin cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin awa 72, maimakon kwana biyar da ake yi a da. Ke kuwa kin wuce wannan wa'adi nesa ba kusa ba, don haka takardar da aka ce ki rubuta ita ce daidai, kuma ba alfarma za ki nema a cikinta ba.

Abu guda nake so ki riƙe fiye da komai, domin shi ne ya wahalar da ni. Kada takardarki ta tsaya a kan cewa an cire miki kuɗi sau biyu. Dole ne ta ware ciniki ɗaya daga cikin biyun ta ce wannan na yarda da shi, na karɓi kayansa, sannan ta ware ɗayan ta ce wannan shi ne nake ƙalubalanta, kuma ga lambarsa. Kowane sa kati yana da tasa lamba da ake kira RRN, mai alƙaluma 12, wadda za ki gani a jikin rasit, kuma yawanci tana fitowa a cikin bayanin asusu a gefen kuɗin da aka cire. Akwai wata gajeriya mai alƙaluma shida da ake rubuta STAN, sai kuma lambar ita kanta na'urar, wadda ke fitowa a matsayin Terminal ID. Tunda sau biyu aka sa katinki, RRN biyu ne daban-daban, ko da kuɗin iri ɗaya ne, ranar ɗaya ce, kantin ma ɗaya ne. Ma'aikacin banki da ke kallon kwamfuta layi biyu masu kama da juna yake gani, tazarar minti ɗaya ko biyu kawai ke tsakaninsu, kuma idan ba ki nuna masa wanda ake magana a kai ba, duk wanda hannunsa ya kai shi zai shigar.

Ni abin da ya same ni ke nan. Kayan abinci na saya na Naira 64,300 a wani babban kanti, daf da shigowar azumi, daga cikin albashin da bai daɗe da shiga ba. Karo na farko na'urar ta daɗe tana juyawa sannan ta fitar da rasit mai DECLINED, karo na biyu ta fitar da APPROVED. Na je reshen bankina da rasit biyun a hannu, na yi wa ma'aikaciyar teburin kula da abokan hulɗa bayani dalla-dalla, na miƙa mata rasit ɗin da ya gaza, ta ce ba ta buƙatarsa, tana ganin komai a kwamfutarta. Ta ba ni fom na sa hannu, ita ta cike sauran. Ashe cinikin da ya yi nasara ta shigar a matsayin wanda nake ƙalubalanta. Koken ya tafi wurin bankin mai kanti, mai kanti kuwa ya fito da rasit ɗinsa mai APPROVED, ya ce mutumin nan ya karɓi kayansa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai aka yi watsi da koken, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya aiko mini da saƙo, ina can ina ta jira ina duba waya.

Ranar da na koma jin inda aka kwana, ita dai wannan ma'aikaciya na tarar. Ta duba kwamfuta, ba ta ko ɗaga kai ta dube ni ba, ta ce mai kanti ya kawo shaida cewa na karɓi kaya, don haka an rufe maganar. Na ce mata ai ban taɓa musun na karɓi kaya ba, kaya ɗaya na karɓa aka cire kuɗin biyu. Sai ta ɗaga murya a gaban layin mutane ta ce irinmu ne ke ba su wahala, mutum ya kwashi kaya ya kai gida sannan ya zo yana so banki ya biya masa. Malama, ina da furfura, ina da 'ya'yan da suka kusa kai shekarunta, kuma a cikin layin nan akwai wanda muke sallah a masallaci ɗaya. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan rana ba. Na tsaya riƙe da rasit ɗin da ta ƙi karɓa tun farko, bakina ya kasa furta komai, mai gadi ya matso yana cewa Baba a yi haƙuri a ba na baya wuri. Kuɗin ma a lokacin ya fita daga raina, abin da ya tsaya mini a wuya shi ne an mai da ni mai son cin haram a bainar jama'a, alhali nawa aka riƙe. A wannan azumi sai da na ci bashi a wurin ƙanina na cike gibin cefane, ni da na saba ba shi. Har yau idan na wuce ta gaban wannan reshe sai na ji zuciyata ta sosu, kuma har aka gama maganar ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ita ta shigar da lambar da ba ita ba. Na bar ta da Allah.

Abin da ya warware matsalar ita ce takarda, kuma shi ya sa nake dagewa a kan yadda za a rubuta ta. Kafin ki ɗauki biro, ki nemi bayanin asusunki na wannan makon, ko dai ta manhajar banki ko a buga miki a reshe, ki tabbatar cirar biyu duk sun zauna a ciki. Alat kaɗai ba shaida ba ce mai ƙarfi, domin yana yiwuwa saƙo ɗaya ya shigo sau biyu, kuma yana yiwuwa an riga an mayar da kuɗin ba tare da alat ya zo ba. Ki duba ragowar kuɗin da ke gefen kowane layi: idan ya sauka da 38,000 sannan ya sake sauka da 38,000, babu kuma layin da ya mayar da shi sama, to lallai an cire. Ga masu sayayya ta intanet a cikinmu akwai wani yanayi kuma, inda ake ɗaure kuɗin kawai ba a cire ba, sai mutum ya ga abin da zai iya kashewa ya ragu amma bayanin asusu layi ɗaya ya nuna. Wannan yakan sake da kansa, ko banki ya sake shi idan an nema, amma naki na na'urar kanti ne, kuma alamu sun nuna cira ce ta gaske.

Rasit ɗin nan kuma ki ɗauki hotonsu yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe. Takardar da na'urar POS ke bugawa zafi ne ke fito da rubutunta, ba tawada ba, kuma a yanayin zafinmu, idan ta kwana biyu a jaka ko a mota sai ki tarar rubutun ya dushe ko ya lalace. Idan ba a ba ki rasit ɗin da ya gaza ba, ki koma kantin maganin cikin lalama ki roƙi su sake bugo miki shi daga tarihin cinikin na'urar, ko su bar ki ki ɗauki hoton allon. Ki kuma tambaye su ko kuɗin ya shigo musu sau biyu. Wannan tambaya tana da amfani ƙwarai, domin hanyar kuɗin kati ba gajeriya ba ce: daga bankinki saƙo yake bi ta kamfanonin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch da NIBSS, kafin ya kai bankin mai kanti. Idan sabis ya yanke bayan bankinki ya riga ya cire kuɗin amma amsa ba ta dawo wa na'ura ba, na'urar za ta ce bai yi ba, kuma ya kamata ta tura saƙon a mayar da kuɗin nan take. Idan shi ma wannan saƙo ya ɓace a hanya, kuɗin ko dai ya maƙale tsakanin bankuna, ko kuma ya wuce asusun mai kanti bai sani ba. In ya maƙale ne, mai kanti ba shi da laifi kuma ba shi da abin da zai ba ki. In ya shiga wurinsa ne, mutumin kirki zai iya mayar miki kai tsaye, ko ya amince da koken idan bankinsa ya tuntuɓe shi. Amma kada ki karɓi kuɗi a hannunsa sannan ki bar koken banki yana tafiya, domin idan aka sake cirewa daga asusunsa kin ci haƙƙinsa ke nan.

Ita takardar, da Turanci za a rubuta ta domin shi ne harshen aikin bankunanmu, kuma in hakan zai yi miki wuya ki sa wani amintacce ya rubuta kina faɗa masa, ko a buga miki a shagon kwamfuta. Shafi ɗaya ya isa. Ki sa sunanki kamar yadda yake a asusu, da adireshi, da lambar wayar da ke karɓar alat, da kwanan wata. Ki aika ta ga manajan reshen, ki kuma rubuta cewa a kula da sashen sauraron koke-koke. Kan maganar ya kasance a fili, ya ƙunshi cewa koke ne kan cirar kuɗi sau biyu a cinikin POS, da adadin kuɗin, da lambar asusunki. Ga yadda na tsara tawa, sai dai na sa adadin kuɗinki, ke kuma ki cike ranaku da lambobi:

"Ni mai asusu ce a wannan banki, mai lamba kaza. A ranar kaza, da misalin ƙarfe kaza, na sayi kaya na Naira 38,000 a kanti kaza da katina wanda ya fara da lambobi shida kaza ya ƙare da lambobi huɗu kaza, a kan na'ura mai Terminal ID kaza. Yunƙuri na farko, mai RRN kaza, na'urar ta ƙi shi, ta fitar da rasit mai DECLINED, amma an cire kuɗin daga asusuna. Yunƙuri na biyu, mai RRN kaza, ya yi nasara, kuma na karɓi kayana a kansa. Wannan ba na ƙalubalantarsa. Abin da nake ƙalubalanta shi ne cira ta farko kaɗai, wadda ban karɓi komai a madadinta ba. Na kawo koke da baki a wannan reshe a ranar kaza, kuma har yau ba a mayar da kuɗin ba, duk da wa'adin awa 72 da Babban Banki ya gindaya. Ina buƙatar a mayar da Naira 38,000 cikin asusuna, a ba ni lambar bin diddigin wannan koke, a kuma sanar da ni sakamakonsa a rubuce. Idan ba a warware ba cikin mako biyu, zan kai maganar gaban Babban Bankin Najeriya. Na haɗa kwafin rasit biyun da na bayanin asusu."

Iyakarta ke nan, sai sa hannu, kuma ki yi irin sa hannun da banki ya sani. Na san zuciya za ta so ki zuba duk ɓacin ranki a ciki, ni ma na so in rubuta abin da aka yi mini a gaban jama'a, amma wanda zai karanta takardar lambobi yake nema ya shigar, kuma duk sakin layin da ya ƙaru yana ƙara yiwuwar ya tsallake wanda ke da muhimmanci. Idan kina da ƙorafi kan wulaƙancin wani ma'aikaci, ki rubuta shi a takarda daban. A kan kwafin bayanin asusun kuma ki ja layi ƙarƙashin cirar da kike ƙalubalanta, ki rubuta a gefe cewa wannan ce. Za su iya ba ki nasu fom ɗin ki cike duk da takardarki. Ki cike shi da hannunki, ko ki karanta RRN ɗin da aka rubuta a ciki ki gwada shi da na rasit kafin ki sa hannu. Idan babu rasit ko kaɗan, lokacin da ke jikin bayanin asusu zai taimaka, tunda wanda ya fara shi ne wanda ya gaza a irin yanayinki.

Maganar lambar kati kuma, don Allah ki kiyaye, kuma wannan gargaɗi ne ga kowa a nan. Shida na farko da huɗu na ƙarshe sun wadatar, banki ba ya buƙatar fiye da haka don ya gano katinki. Kada a rubuta cikakkiyar lambar, ko ranar ƙarewar katin, ko lambobi ukun nan na baya, balle lambar sirri. Mutane da yawa idan suka gaji sukan je shafin banki na sada zumunta su rubuta kukansu a fili, kuma nan da nan sai wasu su biyo su ta saƙon sirri da tambarin bankin da suna mai kama da nasa, su ce za su mayar da kuɗin yanzu-yanzu idan aka ba su lambar kati da lambar OTP da za ta shigo waya. 'Yan damfara ne. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta bi kuɗi kaɗan da suka maƙale ta wannan hanya, aka kwashe duk abin da ke asusunta. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar OTP ko kaɗan, domin shigowa kuɗin zai yi, ba fita ba.

Ki yi kwafi biyu na komai. Ki miƙa ɗaya, ɗayan kuma ki ce a buga miki hatimin karɓa mai kwanan wata, a sa hannu a kai, ki tafi da shi gida. Idan na teburin ya ce ba sa buga hatimi, ki nemi ganin shugaban sashen ko manajan ayyuka na reshen, cikin ladabi amma ba tare da ja da baya ba. Ni a hannun manajan ayyuka na miƙa tawa, mutum mai natsuwa, wanda ya ɗora rasit biyun a kan tebur ya gwada da kwamfuta, nan take ya ga inda aka yi kuskure, ya sake shigar da koken da lambar da ta dace. Kada kuma ki fito ba tare da lambar bin diddigi ba. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su shigar da koke-koken abokan hulɗa su ba da wannan lamba, kuma ita ce shaidar cewa kokenki ya shiga tsari, ba a aljihun tebur ya kwana ba. Duk lokacin da kika kira layin bankin ko kika koma reshe, da ita za ki fara, sai ki huta da maimaita labari daga farko ga kowane sabon ma'aikaci. A ranar kuma ki tura hoton takardar mai hatimi zuwa imel ɗin koke na bankin, wanda za ki samu a shafinsu na ainihi ko a bayan katinki, domin imel yana riƙe rana da lokaci.

Ba na so ki yi jinkiri saboda wani dalili kuma. Neman a janyo kuɗi daga bankin mai kanti yana da wa'adi a dokokin kamfanonin kati, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, kuma idan watanni suka shuɗe sai a ce miki lokaci ya ƙure, ko da gaskiyarki a fili take. Wannan a ƙara haƙuri da ake faɗa da baki ba ya tsayar da lissafin kwanakin. Haka kuma idan aka ce miki mai kanti ya ƙi amincewa, kada ki karɓi maganar haka nan kamar yadda aka so in karɓa. Ki ce a nuna miki shaidar da ya kawo, ki duba RRN ɗin da ke jikinta. Idan ta cinikin da ya yi nasara ce, to bai amsa kokenki ba sam, wani abu daban ya amsa, kuma ki rubuta gajeriyar takarda ta biyu ki faɗi haka, ki nemi a sake shigarwa.

Idan mako biyu suka cika daga ranar da ke kan hatimin ba a mayar ba, sai ki wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna na Babban Banki. Ana aika musu ta cpd@cbn.gov.ng, ko a rubuta wa daraktan sashen a hedikwatarsu da ke Abuja, kuma ba sai kin yi tafiya ba, domin ana iya miƙa takardar a reshen Babban Banki mafi kusa da ke. A ciki za ki faɗi sunanki da yadda za a same ki, da sunan bankin, da ranar cinikin, da adadin da kike nema, ki haɗa rasit da bayanin asusu. Abin da suka fi dubawa shi ne shaidar cewa kin fara kai kuka wurin bankinki, don haka kwafin nan mai hatimi da lambar bin diddigi su ne za ki ɗora a sama. Wanda ya tsallake bankinsa ya tafi can kai tsaye, mayar da shi za a yi ya fara daga farko. Ni ban kai ga nan ba, domin bayan an shigar da lambar daidai kuɗina sun dawo kafin wa'adin da na rubuta ya cika, kuma babu alat da ya zo, a cikin manhaja na gan su. Saboda haka bayan kin miƙa takardar ki riƙa duba bayanin asusun da kanki, kuma idan kika ga sun shigo ki tabbatar 38,000 ɗin ne cif, sannan ki sanar da masu kantin maganin cewa an rufe maganar.